Sabon Asusun Baba Mai Kwali

A wurin aikinmu sabulu muke yi da man shafawa, kuma duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san ba sabulun ke hana mutum sukuni ba, kwali ne. Ka gama haɗa kaya tsaf, ƙamshi ya cika sito, mota na jira a ƙofa, in babu kwalin zubawa sai dai ka tsaya kana kallon dukiyarka. Mai kawo mana kwali mutum ɗaya ne tun ranar da Yaya ya buɗe wurin, wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Kwali. Ni ce akanta, wato ƙanwar mai wuri da aka ba teburi kusa da taga, da kwamfuta, da ikon ce wa mutane "ba yau ba."

Tarihin Baba ban tambaya ba. A waya na same shi, gutsure-gutsure, kuma ba da son raina ba. Da turin kura ya fara, yana bin bayan shaguna yana kwashe tsofaffin kwalaye, ya baje su, ya ɗaure, ya sayar wa masu ƙwai da masu takalma. Da ya tara abin da ya tara sai ya sayi wani tsohon injin yanka, ya kama shago a ƙarshen layin masu walda, ya shiga yin sabon kwali. 'Ya'yansa uku, duk mata, kuma duk da kwali ya yi musu karatu. Yana faɗin haka kamar mai ba da labarin yaƙi. Gajere ne, kakkaura, tef ɗin awo a rataye a wuyansa ko da gaisuwa ya zo. In ya kawo kaya, sai ya ɗauki kwali ɗaya babu komai a ciki, ya kife shi a tsakar sito, ya cire takalmi ya hau kai ya tsaya, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya kwali ya taɓa lotsewa da shi a gabana. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya juya kwalin ya duba gindinsa, ya ce wannan ba nasa ba ne, na wani ne ya shigo cikin kayan. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Aibinsa ɗaya, Baba ba ya ajiye waya. In ya kira don ya ce kaya sun taso, sai ya gaishe ni, ya tambayi Yaya, ya tambayi mahaifiyarmu da ƙafarta, ya gaya mini abin da ya sa takardar bana ba ta kai ta bara ba, ya ratse zuwa labarin wani direba da ya taɓa jiƙa masa kaya tun kafin a haife ni. Na ƙware a kansa. Nakan ajiye wayar a kan teburi in ci gaba da aikina, jefi-jefi in ce, "Haka ne, Baba." Dabarar ta yi mini aiki har ranar da takardar neman biya ta zo da sabon farashi. Na kira shi a fusace.

Ya ce, "'Yata, ai na gaya miki za a ƙara, kika ce haka ne. Har sau biyu kika faɗa."

Daga nan na matsa masa ya buɗe imel. Na ce masa zamani ne, duk manyan 'yan kasuwa haka suke yi, kuma komai zai kasance a rubuce. Gaskiyar magana kunnena nake ceto. Babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a wata makaranta, ita ta saka masa a waya, shi kuma ya koyi rubutu da yatsa ɗaya. Sai dai imel bai gyara shi ba. Saƙonsa yakan fara da gaisuwa mai tsawon zani, babu aya babu waƙafi, ya bi ta kan lafiyar kowa, sai can ƙasa ka tarar da yawan kwali da kuɗin, a maƙale kamar an manta da su. Amma dai imel ba ya jiran a ce masa haka ne, don haka na samu sauƙi.

Ni kuma ga nawa halin. Bankinmu ya taɓa shirya wa masu ƙananan sana'o'i bita a kan 'yan damfara, Yaya ya tura ni. Aka koya mana yadda ɓarawo ke shiga akwatin imel na mai kawo kaya, ya zauna shiru yana karanta saƙonni, ya jira lokacin biya, sannan ya rubuto cewa an canza asusu. Aka ce kada a taɓa canza lambar asusu a kan imel kawai. A dakatar da biya, a kira mutumin ta lambar da aka daɗe da sani, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma mutum biyu su amince kafin kuɗi su fita. Na dawo da satifiket, na sa aka yi masa gilashi na rataye a bayan kujerata. Na zana dokokin a takarda na manna a bango. Daga nan na zauna jiran ɗan damfara kamar mai jiran baƙo. Wata ya bi wata, babu wanda ya ko gwada ni. Har na fara jin an raina kamfaninmu.

Wata safiya, ana gobe za mu biya Baba kuɗin kaya mafi yawa da ya taɓa kawo mana, sai ga imel daga adireshinsa:

"Barka da aiki. Don Allah kuɗin kwalin da za ku biya, a tura su wannan sabon asusun maimakon na da. Akwai larurar asibiti, muna buƙata cikin gaggawa. In akwai tambaya a kira wannan lambar. Na gode."

A ƙasa ga lambar asusu a wani banki daban, ga suna na mace, ga lambar waya da ban sani ba.

Allah ya gani, daɗi na ji. Na tafa hannu ni kaɗai a ofis. Na leƙa ta taga na ƙwala wa Yaya kira, na haɗa da mai kula da sito don a samu 'yan kallo. Suka tsaya a bayana, ni kuma na ɗauki biro ina nuna allon kwamfuta kamar malamar da ta koya mana.

Na ce, "Ku duba. Sabon asusu ana gobe biya. Sunan da ba nasa ba. Gaggawa. Asibiti, don a taɓa zuciya. Sabuwar lambar waya, don in kira ɓarawon da kansa ya ce mini e. Sannan babbar shaida, layi huɗu! Baba ya rubuta layi huɗu, har da aya, bai tambayi ƙafar Mama ba?"

Mai sito ya ce, "Kai, Anti, ke kam sai dai a bar ki."

Na ji maganar har cikin raina. Yaya ya sunkuyo ya ce, "Adireshin fa? Nasa ne?"

Na buɗe wani tsohon saƙon Baba, na jera su, na bi harafi bayan harafi, don sukan sauya ɗaya tak a inda ido ba ya zuwa. Babu bambanci. Na ce wannan ya ma fi muni, ke nan suna cikin akwatin nasa, duk abin da na rubuta su za su karanta.

Amsar farko da na rubuta ba ta nunuwa. Na gaya wa ɓarawon cewa ya yi kuskuren gida, na ambaci bitar, ina jin har satifiket ɗin na ambata. Yaya ya karanta ta kan kafaɗata ya ce, "Ke da ɓarawon za ku yi gasar ilimi ne? Rubuta abin da ke manne a bangonki." Na goge, na rubuta:

"Mun samu saƙonku. Ƙa'idarmu ba ma canza asusun biya ta imel. Mun dakatar da biyan har sai mun tabbatar daga bakin mai asusun, ta lambar da ke cikin fayil ɗinmu. Mun gode."

Ban faɗi nawa ne kuɗin ba, ban faɗi ranar biya ba, ban buɗe komai a cikin saƙonsu ba. Na tura. Sannan na ɗauko lambar Baba ta asali, wadda na yi shekara da shekaru ina ganinta gabana na faɗuwa, na kira da hannuna. Na ma gyara zama, na tanadi haƙurin jin labarin direba.

Mace ce ta ɗauka. Muryar a gajiye take.

Na ce, "Mai wayar nake nema."

Ta ce, "Ni babbar 'yarsa ce, Anti. Ni na turo saƙon. Baba ba shi da lafiya."

Ban taɓa jin muryar 'yarsa ba, don haka ba ni da abin gwadawa. Kuma an gaya mana a bita cewa waya ma ana sacewa, layi ma ana ɗaukewa. Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Ba shi wayar mu gaisa."

Ta ce, "Ba zai iya magana ba."

Na toshe bakin wayar na juya wajen Yaya ina dariya ƙasa-ƙasa. Baba Mai Kwali ba zai iya magana ba! A duk ƙaryar duniya sai suka zaɓi wannan. Na saki bakin wayar, na sa muryar ofis, na ce, "To, duk lokacin da ya iya, ya kira ni."

Ta ce, "To." Ta kashe.

Na so ta yi gardama. Ɗan damfara yakan matsa, ya roƙa, ya yi fushi, ya ce ana ɓata masa lokaci. Wannan "to" kawai ta ce, kuma ya ƙi fita daga kunnena.

Yaya ya ce, "Abu mai sauƙi. Tura kuɗin tsohon asusunsa kamar kullum, mu mun fita."

Na ce a'a. In wayarsa na hannun wasu, manhajar bankinsa ma na cikin wayar. Kafin a san inda Baba yake, ko sisi ba zai fita ba. Na ɗauki jaka na ce zan je shagon in gani da idona. A raina kuwa hoton da nake gani shi ne Baba tsaye a kan kwali, ni ina ba shi labarin yadda na ceci dukiyarsa, shi kuma yau ya zama mai cewa haka ne.

Layin masu walda na nan da ƙararsa, amma ƙarshen layin shiru. Ƙofar shagon rabi a buɗe. Injin yanka an lulluɓe shi da buhu, takardu a jingine da bango ba a taɓa ba. Mutumin da ke yi masa yanka, wanda na sani shekaru da yawa don shi ke rako kaya, yana zaune a kan benci ya haɗa tagumi.

Na ce, "Ina Baba?"

Ya ce, "Ashe ba ku ji ba? Makon jiya ya faɗi a nan, gefen injin. Yana cikin magana da ni, sai na ga bakin ya karkace. Ɓarin jiki ne ya shanye. Yana babban asibiti, ɗakin maza na sama."

Na tsaya riƙe da jaka. Abin da ya fara zuwa mini ba ma tausayi ba ne, muryata ce, da yadda na ce duk lokacin da ya iya ya kira ni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Gadonsa na can ƙurya kusa da taga. Na kusa wuce shi, don ban taɓa ganinsa babu tef a wuya ba, kuma ban taɓa ganinsa a kwance ba. Hannun dama na ajiye a kan zanin gado kamar ba nasa ba. Matarsa na zaune a kan tabarma tana fifita shi, wata mace kuma da za ta yi sa'ata na tsaye tana jera takardun magani. Da ya gan ni idonsa ya buɗe sosai. Bakin ya motsa, ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Ya sake gwadawa, sannan ya bari.

Na durƙusa na ce, "Sannu, Baba. Ya jiki?" Na ji kaina ina ci gaba, "Yaya na gaishe ka. Mama ma, ƙafar da sauƙi." Ba wanda ya tambaye ni.

Macen nan, wadda ita ce babbar 'yar, ta ja ni baranda. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce in bari, ba ni kaɗai ba ce, sauran masu sayen kwalin da ta rubuta wa ko amsa ba su yi ba. Sannan ta gaya mini yadda abin yake. Baba bai taɓa barin kowa ya san lambar sirrinsa ta banki ba, ko mahaifiyarsu. Shi kaɗai ke sa hannu a asusun shago. Yanzu bakin da zai faɗi lambar babu, an miƙa masa wayar ya danna da hagu ya kuskure sau biyu, suka karɓe kafin a rufe. Hannun da ke sa hannu ya mutu. Banki sun ce akwai hanya, amma sai an kawo takardar likita, jami'insu ya zo ya gan shi, abin ya bi layi. Hoton ƙwaƙwalwa da magani da gashin ƙashi kuwa ba sa bin layi. Albashinta ya ƙare, na ƙannenta ya ƙare, har sarƙarta ta sayar.

Ta ce, "Kuɗinsa na nan a banki, muna kallonsu ba ma iya taɓawa. In kuka tura can, sun shiga rijiya ke nan har sai banki ya gama."

Yanzu na san 'yarsa ce, na san yana kwance, na san larurar gaskiya ce. Zuciyata cewa take in ciro waya in tura kawai in wanke kaina. Amma kuɗin ba nata ba ne, ba nawa ba ne, na mutumin da ke kan gadon ne, kuma har yanzu ban ji daga gare shi ba. Faɗin haka a barandar asibiti, ga mace da idonta ya faɗa don rashin barci, ya fi faɗinsa a gaban kwamfuta wuya nesa ba kusa ba.

Na ce, "Ki yi haƙuri, sai na tambaye shi."

Fuskarta ta canza. "Anti, kin dai gan shi."

"Na gan shi. Yana gane magana?"

Likitan da ke zagaye ya zo wucewa, muka tare shi, ita ta yi masa tambayar. Ya ce fahimtarsa lafiya lau, fitar da maganar ce ta gagara, a yi masa tambaya gajera mai amsar e ko a'a, kuma kada a gaggauta shi.

Muna komawa ciki ta riƙo gefen mayafina. Ta ce a hankali, "Bai san na rubuta ba."

Na juyo.

"Na san halinsa. Na ce in ya warke na gaya masa."

Na fito kamun ɓarawo, ga shi na kama 'yar da ta sayar da sarƙarta don ubanta, kuma ni ce zan tona ta a gabansa. Ban ga wannan a takardar da na manna a bango ba.

Na jawo kujera kusa da hannunsa na hagu. Da farko na so in tabbatar ba gyaɗa kai kawai yake yi wa kowace magana ba, don ni na san yadda ake yin wannan. Na ce, "Baba, kayan da ka kawo mana na ƙarshe, mai ninki uku ne ko?"

Ya ɗaure fuska, ɓarin da ke ɗauruwa. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya ɗaga hannun hagu ya ware yatsu biyar, ya kaɗa mini su a gaban hanci.

Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kin taɓo shi."

Na ce, "Mai ninki biyar, haka ne, na tuba. Baba, kuɗin kayan nan gobe ne biyansu. An rubuto mana daga imel ɗinka cewa mu tura su asusun babbar 'yarka, ba naka ba. Ka san da maganar?"

Ya girgiza kai a hankali. Sannan ya juya ido ya sauke a kanta. Ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Baba, ni ce. Kuɗin magani ne, da na mai yanka. Ban san yadda zan yi ba." Ya kau da kai wajen taga. Ƙirjinsa na hawa da sauka. Ba wanda ya motsa, sai mafici a hannun matarsa, shi ma daga baya ya tsaya.

Na ce, "Baba, kuɗinka ne. In ka ce tsohon asusu, can zan tura. In ka ce nata, nata. In ka ce in riƙe, zan riƙe. Ba mai taɓa su sai da yardarka."

Bai juyo ba. Na buɗe baki zan ƙara, matarsa ta girgiza mini kai. Ita ta yi magana, ba da ƙarfi ba, kamar suna su biyu a ɗaki. Ta ce, "Malam, ka riƙe mu tun muna ɗaki ɗaya. Ba wanda ya ce ka gaza. Amma yarinyar nan kai ka koya mata lissafi a kan bencin shago. In ba ita ba, wa?"

Ya daɗe. Ni da na saba cika shiru da "haka ne" na zauna na haɗiye harshena. Can ya juyo, ya miƙo mini hannu yana murza yatsu, alamar in ba shi takarda. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi, mai shagon kwali, ya yarda a biya kuɗin wannan kaya a asusun 'yarsa, na sa sunanta da banki da lambar, na ƙara cewa na wannan biyan ne kawai, na gaba sai an sake tambayarsa. Na karɓi katin shaidarta na gwada sunan da wanda ke kan asusun, suka yi daidai. Na karanta masa duka. Da na zo kan "wannan biyan kawai" sai ya buga gadon da tafin hannu. Na maimaita, ya sake bugawa. Ya karɓi biron da hagu, da kyar, ya ja layi karkatacce a kan kalmomin.

Na ce, "Baba, har na gaba? Duka a tura mata?"

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, bai kalli kowa ba.

Tawadar hatimin ofis na cikin jakata. Na buɗe, 'yar ta kama hannunsa za ta taimaka, ya janye. Shi ya dangwala babban yatsan hagu da kansa, ya danna a kan takardar har ta lotsa. Matarsa ta sa hannu a matsayin shaida. Na kira Yaya ta bidiyo don ya gani da idonsa, ya gaishe da Baba, ya maimaita tambayar, Baba ya gyaɗa.

A wayata na shigar da sabon asusun, sunanta ya fito a allo daidai da na katin. Na fara tura ɗan kaɗan na gwaji, Yaya ya amince daga ofis, ta duba ta faɗi adadin da ya shigo ba tare da na gaya mata ba. Sannan na tura sauran. Ba mu jira gobe ba.

Wayarta ta yi ƙara a hannunta. A daidai lokacin hannun Baba ya tafi ƙarƙashin matashi ya lalubo tasa wayar, ya ɗago ya duba. Allon baƙi ƙirin, babu komai. Ya ci gaba da kallonsa. Ni na kasa kallon fuskarsa, sai na shiga rufe tawadar da ta riga ta rufu.

'Yar ta matso ta sa masa tata wayar a tafin hannu, ta ce, "Ga shi, Baba, sun shigo. Duba ko daidai ne."

Ya kawo ta kusa da ido, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya gyaɗa kai. Sannan ya mayar mata da wayar, ya ɗora tasa a kai, ya naɗe yatsunta a kan duka biyun, ya tura hannun wajen ƙirjinta.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta juyo gare ni. Ta ce, "Anti, kwali na gaba yaushe kuke so, kuma guda nawa?"

Na kalli Baba don in ji ta bakinsa, kamar kullum. Ya riga ya rufe ido, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Sai na juya na gaya mata.